Gulbin Maraɗi: me ya sa ruwan foraji ke ja da baya idan maƙwabta suka tada injinansu?

Duk shekara, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, koke iri ɗaya ake ji daga masu garake a kwarin Gulbin Maraɗi, tun daga Madarumfa da Jiratawa har Tibiri. Foraji da ke ba da ruwa sosai a watan Disamba sai ya koma tari da tofar da iska, inji na shan esansi amma tiyo ba ya cika. Wasu na zargin mai haƙa da rashin iya aiki, wasu na ɗora laifin ga madatsar ruwan Jibiya ta jahar Katsina a Najeriya, wadda ke riƙe ruwan da ke gangarowa cikin gulbin. Madatsar tana da nata kaso, amma akwai dalilin da ya fi kusa da gida: forajin sun yi yawa, kuma sun matse juna a kan ruwa guda.

Ruwan da ke ƙarƙashin kwarin ba tafki ba ne. Yana kwance ne a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa da gulbi ya shimfiɗa, kuma tafiyarsa a hankali take. Idan inji ya fara ja, ruwan kusa da tiyo ne ke fara tafiya, na nesa kuma ba ya isowa da sauri. Saboda haka saman ruwan ke lotsawa kamar mazurari: zurfi a bakin foraji, yana raguwa yayin da ake nisa. Muddin ana ja, mazurarin yana ƙara faɗi. Idan ya kai ga forajin maƙwabci, saukar ruwan da kowane ya jawo sai ta haɗu da ta ɗan'uwansa. Wannan tarawar ita ce asalin matsalar.

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don sauƙin lissafi, a rairayi mai matsakaicin ba da ruwa. Wani manomi yana da foraji inda ruwa ke mita 3 daga doron ƙasa. Injinsa na jan lita 10,000 a awa, wato tanno 50, awa 10 kowace rana. Bayan wata uku, jan da yake yi shi kaɗai yana saukar da ruwan cikin forajinsa da kusan mita 3 lokacin da inji ke aiki. Ruwan ya koma mita 6, kuma har yanzu inji na kamawa.

Sai maƙwabta huɗu suka haƙa nasu, kowane a tazarar mita 20 daga nasa, suna ja daidai da shi. A ƙarshen wata ukun, kowane ɗayansu yana ƙara masa saukar kusan santimita 50. Huɗu sun zama mita 2, ruwan ya kai mita 8. A nan ake karo da iyakar da ba ta da magani: injin da ke zaune a doron ƙasa yana tsotsa ba ya iya ɗago ruwan da ya zarce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iska ne ke tura ruwan cikin tiyo. Ruwa na nan ƙasa bai ƙare ba, amma ya fi ƙarfin injin. Shi ya sa ake ganin masu garake suna tona rami su saukar da inji ciki don ya kusanci ruwan.

Mutane da yawa na zaton ba da tazara kaɗai ya isa. Lissafin ya nuna taimakonta yana da iyaka. Maƙwabcin da ke mita 50 zai saukar da ruwan da kusan santimita 35, na mita 100 kuma kusan 25. Da maƙwabtan huɗu suna mita 100, da ruwan ya tsaya a mita 7, inji na kamawa da ƙyar. An ninka tazara sau biyar, amma illar ta ragu da rabi kawai.

Dalili shi ne yawan ruwan da ake kwasa. Foraji guda na wannan misali yana fitar da lita miliyan 9 cikin kwana 90. Rairayi kuwa, idan ya tsiyaye, abin da yake saki bai wuce kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba a irin wannan misali, wato lita miliyan 1 a kowace hekta idan ruwa ya sauka mita ɗaya. Ke nan foraji ɗaya yana shanye abin da ke cikin mita ɗaya ta hekta 9. Idan damina da ambaliyar gulbi ba su mayar da wannan ba, baɗi ana farawa ne daga ƙasa da inda aka fara bana.

Ana iya gane inda matsalar take da igiya mai ɗan ƙarfe a baki da littafin rubutu. A auna zurfin ruwa da asuba kafin kowa ya tada inji, a sake aunawa da rana alhali injin mai forajin yana kashe. Idan ruwan ya sauka bayan maƙwabta sun tada nasu, ya kuma dawo da dare, to forajin ne ke jan na juna. Idan awon asuba yana ƙara zurfi daga shekara zuwa shekara a wata guda, ana kwasar fiye da abin da ke shiga. Idan kuwa awon asuba bai sauya ba amma ruwa ya ragu a tiyo, a duba inji ko matatar ƙasan foraji da ta toshe, kada a zargi maƙwabci.

Kowace cuta da maganinta. Karɓa-karɓa, wasu da safe wasu da yamma, da rage ƙarfin ja a tsawaita lokaci, suna sassauta saukar ruwa ta yini. Amma ba sa rage jimillar abin da ake kwasa. Wannan sai an taƙaita yawan foraji ko faɗin abin da ake shukawa a ƙarshen rani, ko an rage asarar ruwa a hanyoyin ƙasa da ke tsotse shi kafin ya kai ga shuka.

Abin da ke faruwa a maimakon haka shi ne tseren zurfi. Mai hali yana ƙara haƙa, ya sa famfon da ake zurawa cikin ruwa, sau da yawa mai aiki da hasken rana. Irin wannan famfo ba ya da iyakar mita 8, kuma tun da ba a sayen esansi, ba abin da ke sa mai shi ya kashe. Wanda ke fara asara shi ne ƙaramin manomi mai injin tsotsa, sai rijiyar siminti ta gari inda mata ke ɗibar ruwan sha, domin ita ce mafi gajarta.

Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta tanadi sanarwa ko neman izini kafin ayyukan ɗibar ruwa, gwargwadon girmansu. Amma ƙaramin foraji ana gama shi cikin ɗan lokaci, kuma illarsa ba ta bayyana sai ya haɗu da saura. Aikin da ke gaban ma'aikatun magajin gari da ƙungiyoyin manoma shi ne ƙidaya forajin kowace fadama, a ware ƴan rijiyoyin da ba a ja don awo kowane wata, sannan a tsaida tazara da lokutan ja bisa abin da awon ya nuna, musamman kewaye da rijiyoyin sha. In ba a yi ba, zurfin aljihu ne zai raba ruwan gulbin.