Daga Bakin Allo: Waya da Aikin Gida

Mu malamai mun lura ɗalibai suna ɗaukar hoton tambayoyin aikin gida, su tura wa manhajoji irin su Photomath, su kwafo amsa.

To amma manhajar, abin da ta gani shi take lissafawa. A ce malami ya ba da 17 × 6, amsa 102. Idan rubutun yaro ya karkace ta ɗauki 7 a matsayin 1, sai ta ba shi 66, ya kwafa bai sani ba. Alhali 10 × 6 kaɗai 60 ne, ina sauran bakwai sau shida?

Don haka ku karɓi wayar, ku canza masa lambobin, ya yi a gabanku. Idan ya kasa, ku sanar da mu. Allah ya yi wa zuri'a albarka.