Shekarun da babu su a takardar neman aiki

A makon jiya wani ɗan ƙungiyarmu daga Agege ya kawo mana takardar neman aiki mu duba masa. Yana da difloma a fannin akanta, ya yi shekara shida yana kula da sito a wani kamfani, aka sallame shi a 2020 lokacin kullen korona. Daga nan takardar ta yi shiru har shekara huɗu. Shawarar da abokai suka ba shi ita ce ya rubuta cewa ya yi aiki a kamfanin wani ɗan garinsu, in an buga waya mutumin ya amsa.

Mun hana shi. Mai ɗaukar ma'aikacin sito amana yake nema kafin komai. Zai tambayi takardar albashin ƙarshe, ya nemi masu tsaya maka, wani lokaci ya aika a duba adireshin tsohon wurin aikin. In ƙaryar ta fito bayan an ɗauke ka, kora ce, kuma dattijon da ya sa hannu ya tsaya maka shi ma ka zubar masa da mutunci.

Da muka zauna da shi, ashe shekarun ba a banza suka tafi ba. Ya koma gida jinyar mahaifinsa har Allah ya yi masa rasuwa a 2022. Ya dawo Legas ya kama wa yayansa cinikin albasa a kasuwar Mile 12, shi ke riƙe da littafin kaya da na bashi. Kunya ce ta hana shi rubutawa, wai aikin kasuwa ba aiki ba ne.

Wasiƙar da Turanci aka yi ta, amma ga ma'anar sakin layin:

"An sallame ni a 2020 saboda rage ma'aikata, takardar sallamar tana haɗe. Daga nan zuwa 2022 na yi jinyar mahaifina, wannan lalurar ta ƙare. Tun daga lokacin nake riƙe da lissafin shigowa da fitar kaya a harkar albasa ta yayana, kuma zan iya kawo littattafan a gani."

Ku lura bai faɗi sunan ciwon ba. Sirrin gida ne, ba wanda ya tambaye shi. Bai kuma cika shafi da roƙo da ban-tausayi ba, abin da mutanenmu suka fi yi. Jimlar da ta fi nauyi ita ce "lalurar ta ƙare", domin fargabar mai ɗauka ke nan: kada bayan wata uku ka sake cewa za ka Arewa.

Gaskiya ne, akwai wanda da ya ga giɓin shekara huɗu zai ajiye takardar gefe, ko me ka rubuta. Wannan ba mu da maganinsa. Ɗan'uwan namu dai ya aika tasa ranar Litinin, yana jiran amsa. Duk mai irin wannan matsala ya same mu bayan taron wata, ya zo da takardar sallamarsa in tana nan.