Raunin namiji bayan shekara hamsin: A auna jini kafin a sayi jiƙo

Duk wanda ya bi ta Wunti ko kasuwar Muda Lawal a Bauchi da la'asar, da wuya ya wuce bai ji lasifikar masu tallan maganin ƙarfin maza ba. Bayaninsu kusan ɗaya ne kullum: basir ne, ko sanyi, ko dattin mara. Cikin masu tsayawa su saya a kaikaice akwai dattawa da yawa da suka haura hamsin, kuma sun kasu gida biyu. Wasu lafiyarsu ƙalau, shekaru ne kawai suka yi aikinsu. Wasu kuwa jikinsu na yi musu gargaɗin wata cuta ce da ta fi matsalar shimfiɗa girma. Kwalbar jiƙo ba ta bambance wannan da wancan, kuma a nan hatsarin yake.

Abin da shekaru ke kawowa sananne ne ga likitoci. Namiji ɗan hamsin da wani abu ba ya miƙewa da tunani ko kallo kaɗai kamar yadda yake yi yana ɗan ashirin da biyar. Yana buƙatar taɓawa da ɗan lokaci. Ƙarfin miƙewar kan ragu kaɗan, maniyyi ya ragu, kuma tazarar da ke tsakanin kusanta ɗaya da ta gaba, wadda a ƙuruciya mintuna ce, tana iya zama yini ɗaya ko fiye. Sinadarin namiji, wato testostiron, yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara tun daga wajen shekara arba'in, don haka sha'awa kan lafa sannu a hankali ba tare da ta mutu ba. Gazawa sau ɗaya bayan gajiyar kasuwa, ko a daren zafin Afrilu da babu wuta, ba cuta ba ce. Mai mata biyu ko uku da ke auna kansa da rabon kwanan da ya saba shekara ashirin da suka wuce yana tuhumar jikinsa ne da laifin da bai yi ba.

Abin da ya cancanci a kai wa likita daban ne: gazawar samun miƙewa, ko riƙe ta har a gama biyan buƙata, a mafi yawan lokuta, tsawon wata uku ko fiye. Wannan ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 1994 daga jihar Massachusetts ta Amurka ya gano cewa kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni. Sai dai yawan masu fama da abu ba ya mayar da shi lafiya.

Dalilin kuwa yana cikin jijiyoyin jini. Miƙewar gaba aikin jini ne: jijiyoyi su buɗe, jini ya cika, ya tsaya. Faɗin jijiyoyin da ke kai jini mazakuta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, alhali na zuciya sun kai uku zuwa huɗu. Idan hawan jini, ko suga, ko kitse, ko hayaƙin taba suka fara lalata hanyoyin jini, ƙaramar hanya ce ke fara nunawa. Shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Mutumin da ya toshe wannan gargaɗi da jiƙo ya yi asarar shekarun da zai iya kare kansa daga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara 56, wanda tumbinsa ya fito, yake tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, ƙishirwa ba ta barinsa, tafin ƙafarsa na yi masa zafi-zafi, kuma kusan shekara guda ke nan miƙewar asuba ta ɗauke masa. Wannan alama ta ƙarshe tana da muhimmanci. Wanda yake farkawa da miƙewa amma ya gaza a wurin iyali, galibi damuwa ce ko fargaba ko saɓanin gida. Wanda abin ya ja baya a hankali har na asubar ya ɓace, a jiki matsalar take. Idan wannan ɗan kasuwa ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Asibitin Ƙwararru, ko ma ƙaramin asibitin unguwa, awon farko ba mai wahala ba ne. Za a duba hawan jini, wanda idan ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a awo fiye da ɗaya akwai magana. Za a auna sugan jini da safe kafin a karya kumallo, inda 126 ko sama da haka a awo biyu ke nuna ciwon suga. A duba kitsen jini. Mai irin waɗannan alamu, abin da ya fi yiwuwa a tarar shi ne ciwon suga da ya daɗe yana cin jijiyoyi ba a sani ba, kuma babu ruwan basir a ciki.

Likita zai kuma tambayi magungunan da ake sha, domin wasu na hawan jini, irin su atenolol da masu sa fitsari, suna iya rage ƙarfi. Mafita ita ce a faɗa wa likita ya canja, ba a daina sha a ɓoye ba, kamar yadda maza da yawa ke yi. Tiramol da wasu ke sha don jinkirta inzali yana kashe sha'awar da ake nema idan aka daɗe a kansa.

Mutuwar sha'awa gaba ɗaya, musamman tare da kasala ko ƙuncin rai, ita ce ke sa a auna testostiron, kuma da safe ake ɗaukar jinin, sau biyu. Lanƙwashewar gaba mai zafi, ko jini a maniyyi, ko wahalar fitsari, su ma ba tsufa ba ne. Haka nan matar da ta daina al'ada na iya fama da bushewa da zafi, ta riƙa kaucewa, miji ya ɗauka ƙiyayya ce, alhali abu ne mai magani.

Masu sayar da jiƙo za su ce kayansu na aiki, kuma wani lokaci gaskiya suke faɗa. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista, kuma a ƙasashe da dama an sha gano sildenafil, sinadarin da ke cikin Bayagira, a ɓoye cikin abin da ake kira na gargajiya, ba tare da an san adadinsa ba. Sildenafil, wanda aka amince da shi tun 1998, magani ne mai kyau a hannun likita. Amma idan ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji na rukunin naitiret, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini kan faɗi warwas har a rasa rai. Miƙewar da ta wuce awa huɗu ba ta kwanta ba kuwa, musamman ga mai sikila, maganar ɗakin gaggawa ce a wannan daren, domin jinkiri na iya kashe gaban har abada.

Akwai gyara a ɓangaren asibitoci ma. Dattijon Bauchi ba zai buɗe baki ya faɗi wannan a ɗakin da ɗalibai da ma'aikatan jinya sa'o'in 'ya'yansa suka cika ba. Likitan da ke duba mai hawan jini ko mai suga shi ya kamata ya fara tambaya, cikin sirri, da kalmomin da ba sa zubar da girma: "Baba, yaya batun iyali, akwai canji?"