Ƙugiyar da ta faɗi a Gyaɗi-Gyaɗi

Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni, ta saba ganin sunanta a alluna babu ƙugiya, kuma ba wanda ya ɓata hanya. Sunan kasuwanci bai cika samun wannan sa'a ba. A ce an raɗa wa masauki "Gidan Baƙi". Madannin Ingilishi ba shi da ƙ, injin rasit yakan buga alamar tambaya a gurbinta, adireshin intanet kuwa yakan rikiɗe ya fara da `xn--`. Aka jefar da ƙugiyar, baƙi sun koma baki.

Don haka kafin rajista, ɗan kasuwa ya rubuta sunan babu ƙugiya ya karanta. In ma'ana ta sauya, ya sake suna. In ba ta sauya ba, ƙugiya ta zauna a allon shago, adireshi ya tafi babu ita.