Ɗan koyo ko ma'aikacin da ba a biya?

Fim ɗin Black Swan, wanda ya fito a 2010, ya tara sama da dala miliyan 300, kuma jarumarsa Natalie Portman ta ci kyautar Oscar da shi. Amma cikin waɗanda suka yi masa hidima akwai mutum biyu da ko sisi ba su gani ba: Eric Glatt da Alex Footman. Kamfanin Fox Searchlight ya ɗauke su a matsayin masu neman sanin makamar aiki, lada kuwa sai dai a ce sun ga yadda ake shirya fim.

To me suka gani? Footman shi ne mai haɗa kofi, mai karɓar odar abincin rana, mai kwashe shara, mai harhaɗa kujerun ofis.  Glatt kuwa ba yaro ba ne, ya kai shekara arba'in, da digirinsa na biyu a harkar kasuwanci. A sashen lissafin kuɗi aka ajiye shi yana bin diddigin takardun sayayya, yana adana fayil ɗin ma'aikata. Daga baya har aiken sa aka yi ya nemo wa darakta matashin kai na musamman. A watan Satumba na 2011 suka maka kamfanin a kotu a New York, suna cewa aiki suka yi, a biya su mafi ƙarancin albashi.

Tushen rigimar ya girmi su duka. A 1947 Kotun Ƙolin Amurka ta duba batun wasu masu koyon aikin birki a kamfanin jirgin ƙasa na Portland Terminal, waɗanda ake horarwa kwana bakwai ko takwas ba biya. Kotu ta ce ba ma'aikata ba ne, kuma dalilinta abin dubawa ne: ba su ture kowa daga aikinsa ba, ma'aikatan ainihi na tsaye a kansu suna lura, wani lokaci ma kawo cikas suke yi. Wato kamfanin wahala yake sha da su.

Da wannan ma'auni alƙali William Pauley ya auna batun Black Swan a watan Yuni na 2013, ya ce mutanen nan ma'aikata ne. Da ba su nan, dole a ɗauki wani a biya shi ya kwashe sharar, ya bi takardun. Abin da suka ƙaru da shi kuwa bai wuce abin da kowane ma'aikaci mai albashi ke ƙaruwa da shi ta hanyar zama a ofis ba.

Murnar ba ta daɗe ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta kawo nata ma'auni: a duba wanda ya fi cin moriyar zaman, ɗan koyo ne ko mai wurin. Ta jero abubuwa bakwai, ciki har da ko horon ya yi kama da na makaranta, ko yana da wa'adin da bai zarce lokacin koyon ba, da ko aikin ɗan koyon tallafa wa ma'aikata yake yi ko maye gurbinsu. Aka yi sulhu a 2016, sannan a watan Janairu na 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta rungumi wannan ma'auni. Ya fi wa masu kamfani daɗi, babu shakka, domin a yanzu suna iya amfana da gumin ɗan koyo muddin za su nuna shi ma ya amfana fiye da su.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce wannan rigimar 'yan boko ce. Amma tambayar tana nan zaune a kowane garejin makanikai da kowane shagon ɗinki, sai dai ba a furta ta.

A ɗauki shagon tela. Uba ya kawo yaro ya damƙa amana, ya ce ga shi nan a koya masa sana'a. A shekarar farko yaron shara yake yi, ya hura gawayin dutsen guga, ya je sayo zare. In an ba shi keke, allura yake karyawa, ɗinkinsa ya karkace sai maigida ya farke ya sake. A nan maigida ne ke asara: lokacinsa, yadinsa, haƙurinsa. Kuɗin abinci da ɗan na sabulu da yake ba yaron alheri ne, babu mai cewa ya ci haƙƙinsa. Wannan yaron daidai yake da masu koyon birkin 1947.

A dawo bayan shekara uku, a goman ƙarshe na azumi. Yaron nan ne ke ɗaukar awo, ya yanka shadda da almakashi ba tare da an duba shi ba, ya haɗa riga da wando har asuba. Maigida ya karɓi ɗinki ninkin wanda hannunsa zai iya, saboda ya san yana da wanda zai jingina da shi. Kuɗin ɗinki na shiga aljihu ɗaya, yaron kuma har yanzu sunansa ɗan koyo. In an yi zancen yaye shi, sai a ce hannunsa bai faɗa ba tukuna. Hannun da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan Sallah!

Hanyar gane inda aka kwana ba ta da wuya. A ƙaddara yaron ya kwanta ciwo mako guda. In aiki ya ƙara sauri da babu shi, ɗan koyo ne. In kuwa alkawura suka karye, masu kaya suka fara zarya, har maigida ya nemo wani tela ya biya shi kan kowane ɗinki, to kuɗin da ya biya baƙon shi ne farashin aikin da yaron ke yi kyauta. Alama ta biyu: yaushe rabon da a nuna masa wani sabon abu? Akwai maigidan da ke ɓoye yankan babbar riga da gangan don kada yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Masu sana'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce shekarun ƙarshe su ne ramuwar asarar shekarun farko, in ba haka ba wa zai ƙara karɓar ɗan wani? Gaskiya ne. Amma bashin da ake ramawa dole a san yawansa da ranar ƙarewarsa, kuma nan ne zaman amana na baki da baki ke cutar da mai ƙaramin ƙarfi.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hango wannan. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya sa hannun shaida, kuma wa'adinta kada ya wuce shekara biyar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ma ta sa ɗan koyo cikin ma'aikata, abin da ya shafi yaron da injin ya datse wa yatsa. Sai dai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan da ake koyon sana'a.

Saboda haka abin da ya rage a hannun uba shi ne ranar da ya kai ɗansa. A gaban shaidu, gara ma da shugaban ƙungiyar masu sana'ar, a faɗi shekara nawa za a yi, me da me za a koyar, da lokacin da yaro zai fara samun kaso a kan kowane ɗinki da ya gama shi kaɗai. Iyaye da yawa kunya ke hana su tayar da zancen, wai kada a ce ba su yarda da maigida ba, alhali ko akuya za su saya sai sun tsayar da ciniki kafin su kama igiya.