Neman gurbi a jami'a: kuɗin mota da kwanakin jira sun fi kuɗin fom cin aljihu

Da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, tambayar da iyaye ke fara yi ita ce nawa ne kuɗin rajista. Amsar da suke samu takan kwantar musu da hankali, domin abin da jami'o'in gwamnati ke karɓa bai kai na makarantu masu zaman kansu ba. Sai dai wannan adadi ƙaramin kaso ne na abin da gida zai kashe kafin ɗalibi ya zauna a aji. Mafi yawan kuɗin na tafiya ne a kan hanya da kuma kwanakin da ake yi ana jira, musamman ga wanda zai nemi gurbi a Yamai daga jihohin gabas.

Jami'o'i sun yaɗu, amma Yamai na nan da nisa

A yau akwai Jami'ar Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi, da Jami'ar Andre Salifu a Damagaram, da Jami'ar Jibo Hamani a Tawa, kuma an ƙara wasu huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Wannan ya rage wa iyalai da dama wahala. Duk da haka, Jami'ar Abdu Mumuni da makarantu irin su EMIG, mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, suna Yamai ne. Daga Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 650, daga Damagaram kuwa ta kusa 900, a bi ta Konni da Dogondutsi da Doso. Wuni guda cur ake yi a mota. Wanda zai zana gasar shiga makaranta ba zai iso da daddare ya shiga zauren jarrabawa da safe ba, dole ya riga ranar da kwana ɗaya ko biyu.

Yadda lissafin ke tashi

A ɗauki ɗalibi daga Damagaram da ke son zana gasar shiga wata makaranta a Yamai, ya kuma ajiye takardunsa a Jami'ar Abdu Mumuni ko da bai ci gasar ba. Alƙaluman da ke biye misali ne na yadda ake lissafin, kowane gida zai sa farashin da ya samu a tasha da ofis.

Kashe kuɗin yakan fara tun yana ajin ƙarshe na lise. Idan ana biyan malamin darasin ƙari jika 10 a wata na tsawon wata 6, an kashe sefa 60,000 tun ba a zana bak ba. A ware 30,000 don rajistar bak da kuɗin gasar da na ajiye takardu a jami'a. A ƙara 10,000 na haɗa takardun kansu: takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, ta sakamakon bak, hotuna, fotokofi da tambur ɗin da ake mannawa a kowane kofi da hukuma ta tabbatar. Jimilla ta kai 100,000 ɗalibi bai bar gida ba.

Sai tafiya. Idan kuɗin mota jika 15 ne, zuwa da dawowa 30,000 ke nan. Idan ya sauka gidan ɗan'uwa ya yi kwana 7, yana kashe jika 3 a rana wajen abinci da kabu-kabu da katin waya, an ƙara 21,000. Tafiya ɗaya ta ci 51,000, jimillar kuma ta zama 151,000. A cikin wannan, kuɗin fom da na jarrabawa kashi ɗaya ne kawai cikin biyar.

Lissafin bai cika tsayawa nan ba. Idan ranar rufe karɓar takardu da ranar jarrabawa sun yi nisa da juna, sai an yi tafiya ta biyu, jimilla ta koma 202,000. Idan kuma ɗalibin ba shi da kowa a Yamai, yana biyan ɗaki jika 5 a kowane dare, kwana 14 na tafiye-tafiyen biyu za su ƙara 70,000, a tashi da 272,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun daga 2024. Ke nan ƙaramin lissafin ya haura albashin wata uku da rabi, babban kuma ya haura na wata shida.

Inda kuɗi ke zurarewa

Abin da ya fi jawo tafiyar da ba a shirya mata ba shi ne kuskure a takardu. Sau da yawa rubutun suna a takardar haihuwa ya saɓa da na takardar bak, ko da harafi ɗaya ne, ko ranar haihuwa ta bambanta. Mai karɓar takardu na iya mayar da su, gyaran kuma a inda aka yi takardar ake yin sa. Ga ɗan Damagaram, harafi ɗaya na iya zama jika 30 na mota. Hanyar gane matsalar ba ta cin ko dala: a jera takardun duka a tabarma, a bi suna da sunan uba da rana da wurin haihuwa harafi bayan harafi, tun kafin a sayi tikiti.

Akwai kuma takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta mutum ba, wadda ake yawan nema a gasar shiga makarantu. Wata uku take yi ta daina aiki. Wanda ya yi gaggawar karɓarta, aka kuma ɗage ranar gasar, zai sake biya.

Ɗage rana shi ne rami na uku. A misalin da ke sama, kowace ranar jira tana cin jika 3 ga mai masauki, jika 8 ga mai biyan ɗaki. Ɗagewar mako guda ga na biyun 56,000 ce, kusan ninki biyu na duk kuɗin fom da jarrabawa.

Lokacin da ake buƙatar kuɗin

Nauyin yana faɗowa ne tsakanin fitowar sakamako da komawa karatu, wato tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Alawus ɗin da hukumar ANAB ke bai wa ɗaliban da suka cancanta ba ya shiga wannan lissafi, domin sai an samu gurbi ake maganarsa. Kuɗin neman gurbi daga aljihun gida yake fita, kuma ba a mayar da shi ga wanda bai ci gasa ba.

Shi ya sa kira yakan tafi wurin yayyen da ke Kano ko Abijan ko Aljeriya. Wanda aka ce masa a aiko kuɗin rajista, ya aiko jika 30, zai sake jin waya sau uku ko huɗu, har ya fara zargin ƙanen nasa da almubazzaranci. Tambayoyin da za su ba shi adadi na gaskiya su ne: tafiya nawa za a yi, kwana nawa kowace za ta ɗauka, kuma a ina yaron zai kwana. Ya kamata a kuma bincika ko makarantar na buɗe cibiyar jarrabawa a jiharsu, da ko tana yarda wani ya ajiye takardu a madadin ɗalibi, domin kowane ɗaya daga cikin biyun na soke tafiya guda.

Bayan an haɗa jimilla, a ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai a matsayin ajiyar ko-ta-kwana, wato kimanin jika 30 a kan 151,000. Wannan ne kuɗin da zai dawo da ɗalibi gida ya gyara takarda ya koma kafin a rufe karɓa. Gidan da bai tanade shi ba yakan rasa shekarar gaba ɗaya, tare da jika 100 da ya riga ya kashe.