Sharhi: Tikiti da tsaron ƙofa a wasan tara gudummawa

Sharhinmu na yau ya shafi ƙungiyoyin da ke shirya wasan kwaikwayo ko waƙa a zaure, a saye tikiti a shiga, domin tara kuɗin marayu ko gyaran makarantar unguwa. Yawancin kwamitoci sukan fara da tambayar nawa ake so a tara, sannan su buga tikiti gwargwadon burinsu. Nan ɓarakar take. Girman zaure ne ya kamata ya yanke yawan tikiti.

Mu ɗauki zaure mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, wato murabba'in mita 600. A cire wurin dandamali da kayan sauti da hanyoyin wucewa, a ce saura 400. Mutumin da ke zaune a kujera yana cin kusan rabin murabba'in mita, ke nan zauren na mutum 800 ne. Amma akwai 'yan wasa da 'yan kwamiti da manyan baƙi da 'yan rakiyarsu. A ware musu kujera 100, da katin gayyata mai nuna mutum nawa zai shigar, domin alfarmar "tare muke da Alhaji" tana cika zaure fiye da yadda ake zato. Tikitin sayarwa ya zama 700. Idan kuɗin bai kai buri ba, sai a ƙara farashi ko a yi wasan sau biyu.

To, yanzu tikitin jabu. Wanda ya buga jabu 200 ya ci haƙƙin marayu, ya kuma cusa mutum 200 a wurin da ba su da kujera, sai su toshe hanyoyin fita. Maganinsa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane tikiti ya zama mai ɓari biyu, da lamba ɗaya a kan kowane ɓari, daga 001 zuwa 700. A buga hatimin ƙungiya a daidai layin yagewa, rabi a ganye, rabi a gindin da ke zama cikin littafi. Hatimin ya kasance a hannun ma'aji, ba a wurin maɗaba'a ba, saboda wani lokaci rarar da ake sayarwa a bayan fage daga wurin bugun take fitowa, takarda ɗaya, launi ɗaya. A rubuta wanda ya karɓi kowane littafi da lambobinsa, kuma ana gobe wasa kowa ya dawo da kuɗi da ragowar tikiti. Idan lamba 431 zuwa 450 suna hannun ma'aji ba a sayar ba, duk wanda ya zo da 440 an san abin da ya riƙo. Mai biya ta banki kuwa, kada a ba shi tikiti don ya nuna saƙon waya, sai kuɗin sun bayyana a asusu.

A ƙofa, mutum ɗaya ya duba hatimi ya yaga tikiti, na biyu ya soke lambar a takardar jeri. Lamba ta fito sau biyu, a ja mai ita gefe, kada a tsaya gardama a bakin shiga. Yagewar nan wajibi ce, domin tikitin da ba a yaga ba ta kan katanga yake komawa waje. Wanda zai fita salla a buga masa tambari a hannu. A riƙa ɗaure ɓarin da aka karɓa hamsin-hamsin; idan ɗauri goma ne a hannu, wato 500, amma kujeru sun ƙare, to akwai wata kafa da ake shiga, ko mai tsaron ƙofa yana karɓar na goro. A dakatar da shiga nan take, a bincika.

Layin ma yana da lissafi. A ce mai dubawa yana sallamar mutum 10 a minti ɗaya. Layi biyu, na maza da na mata, za su ɗauki minti 35 kafin 700 su shige. Saboda haka a buɗe ƙofa da aƙalla awa ɗaya kafin farawa, a kuma nisanta teburin sayar da tikiti daga ƙofar. In ka ga layi ya rikiɗe ya zama dunƙule, mutane na tangaɗi tare ba da son ransu ba, turereniya ta kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar garƙame sauran ƙofofi da kwaɗo don tsoron masu satar shiga. A ranar 9 ga Mayu, 2001, mutum 126 suka rasu a filin wasa na Accra, lokacin wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan an harba barkonon tsohuwa jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. Kowace ƙofar fita a sa mata mutum biyu masu tsaro, a cire kwaɗon, a tabbatar tana buɗewa zuwa waje, kuma kada a jibge babura a bakinta har a tashi.